Ƙugiya, alama ko haruffa zalla: yadda za ka rubuta saƙon Hausa ya isa tsohuwar waya lafiya

Duk wanda ke riƙe da sanarwar dangi, ko ta ƙungiyar unguwa, ko ta makarantar Islamiyya, ya san wannan tsaka mai wuyar. Kana so ka rubuta Hausa yadda take, ɗ a wurinta, ƙ a wurinta, ka ɗora imojin tafin hannu na addu'a a ƙarshe. Amma cikin waɗanda za ka tura wa akwai mai sabuwar waya, akwai mai Android ɗin da ta kwana biyu, akwai kuma Inna a gida da ƙaramar wayarta mai madannai, wadda saƙon tes kaɗai ke shiga. Saƙo ɗaya ne ya bar hannunka, amma ba abu ɗaya suka gani ba. Wani ya ga rubutu tsaf, wani ya ga akwatuna a tsakiyar kalmomi, wani kuma alamar tambaya ce ta cinye harafin farko na sunan ango.

Hanyoyi huɗu ne mutane ke bi: a rubuta da ƙugiya da imoji, a sa alama a madadin ƙugiyar, a bar haruffa zalla, ko a guje wa rubutun gaba ɗaya a tura hoto ko murya. Kafin a ɗora su a sikeli, sai an san abin da ake aunawa.

Abin da za a duba

Na farko, ta ina saƙon zai bi? Wannan ya fi komai nauyi, domin WhatsApp da saƙon tes ba tafiyarsu ɗaya ba. A WhatsApp harafi mai ƙugiya ba ya ƙara maka kuɗin da za ka ji a jikinka. A tes kuwa akwai tsarin haruffa biyu. Ɗaya shi ne na GSM, mai ɗaukar harafi 160 a shafi guda, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa, babu imoji ko ɗaya. Da zarar ka sa harafi guda wanda ba ya cikin wannan jerin, wayarka za ta mayar da saƙon gaba ɗayansa zuwa tsarin Unicode, inda shafi ke ɗaukar harafi 70 kacal. In saƙon ya wuce shafi ɗaya ma sai lissafin ya ƙara raguwa, ya koma 153 a kowane shafi a tsarin GSM, 67 a na Unicode, saboda ana cire ɗan wuri don bayanin da zai haɗa gutsattsarin a wayar mai karɓa.

Na biyu, me wayar mai karɓa za ta iya zanawa? Waya ba ta nuna harafi sai akwai siffarsa a cikin zanen haruffan da aka sa mata. In babu, sai ta ajiye akwati a gurbinsa.

Na uku shi ne ma'ana, wato ko mai karatu zai iya fahimtar wani abu daban da abin da ka nufa. Na huɗu sauƙin bugawa. Na biyar, ko saƙon zai ci gaba da amfani in an tura shi gaba, ko an kwafe shi, ko an dawo nemansa bayan watanni.

Akwai kuma abin da nake ganin ya kamata kowa ya iya, wato gane irin lalacewar da ido, tunda kowace da maganinta. In akwati aka gani, saƙon ya iso lafiya, wayar ce ba ta da siffar harafin. Shaidar haka, ka sa mai wayar ya tura saƙon zuwa wata waya sabuwa, galibi za ka ga harafin ya dawo. In alamar tambaya ce, sau da yawa harafin ya mutu a hanya, an tilasta saƙon cikin tsarin da bai san shi ba, kuma duk inda aka tura shi da alamar tambayar zai tafi. In kuwa ka ga tarkace irin `Æ™` a wurin ƙ, ko `É—` a wurin ɗ, ko `É“` a wurin ɓ, to wata manhaja ce a tsakani ta karanta harafi ɗaya a matsayin biyu. Wannan ya fi faruwa da saƙonnin da aka tura ta kamfanonin tura tes da yawa, ko waɗanda aka kwafo daga fayil a kwamfuta, kuma ba laifin wayar mai karɓa ba ne.

Zaɓi na farko: ƙugiya da imoji

Wannan ita ce Hausar daidai, kuma a WhatsApp ita nake goyon baya ba tare da jan ƙafa ba. Bugawa ba wahala: a kibod ɗin Gboard ko SwiftKey ka shiga jerin harsuna ka ƙara Hausa, haruffan za su samu, inda ba su da nasu maɓallin sai ka ɗan danne b, d ko k har su fito. Ma'ana ba ta karkacewa, kuma saƙon yana nan daram ko shekara nawa ya yi.

Batun tsofaffin wayoyi a nan ya ragu fiye da yadda ake zato. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da ke ƙasa da 5.0, kuma daga 5.0 zuwa sama galibin wayoyi suna nuna haruffanmu. Wato wayar da ta tsufa har ba ta iya zana ɗ, yawanci ta riga ta fita daga zaurenku na WhatsApp. Inda matsalar ta saura shi ne wayoyin da masu su suka canza musu salon rubutu zuwa na ado, irin mai kama da rubutun hannu. Masu zana waɗannan salon ba sa tunawa da Hausa. Sai ka ga kalmar "ƙauye" duk ta fito da lanƙwashe-lanƙwashenta amma ƙ ɗin ta tsaya daban, ta fi sauran kauri ko tsawo, wani lokacin ma akwati. Maganin shi ne mai wayar ya koma salon rubutun da ta zo da shi.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne waya ta nuna ƙ amma ta ƙi nuna ɗ. Ba aljanu ba ne. A tsarin Unicode haruffan namu ba gida ɗaya aka ajiye su ba. Ƙaramar ƙ da ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ suna rukunin da ake kira Latin Extended-B, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin IPA Extensions, na alamomin masu nazarin furuci. Mai zana haruffa zai iya ɗaukar rukuni ɗaya ya bar ɗaya. Saboda haka in za ka gwada wayar wani, kada ka tura masa harafi guda ka ce an gama. Tura masa wannan layin, ka ce ya faɗa maka abin da ya gani:

```
ɓ Ɓ ɗ Ɗ ƙ Ƙ ƴ Ƴ 'y 🙏 🕌 🤲 🫶
```

Harafin ƴ ya shafi 'yan'uwanmu na Nijar, domin da shi suke rubuta abin da a Najeriya ake rubutawa da 'y. Zauren da ya haɗa Maraɗi da Katsina zai riƙa ganin duka biyun.

Imojin da ke cikin layin ba haka kawai na jera su ba, kowanne da shekarar haihuwarsa. Hannaye a haɗe 🙏 na cikin na farko-farko, na 2010, tare da mai dariya da hawaye 😂. Masallaci 🕌 ya shigo a 2015. Tafin hannu biyu na addu'a 🤲, wanda muka fi so a saƙon ta'aziyya da barka da Juma'a, sai 2017. Hannaye masu siffar zuciya 🫶 kuwa na 2021 ne. Wayar da ba a sabunta ta ba tun kafin shekarar imoji ba ta san shi ba, don haka inda akwati ya fara bayyana a layin nan zai nuna maka iyakar wayar. A cikin WhatsApp na Android abin ya zo da sauƙi, domin manhajar tana tafe da nata zanen imoji, ba ta dogara da na wayar ba. Wanda ya ga akwati a nan, sabunta manhajar kawai yake buƙata. Amma imojin da ya fito lafiya a cikin hira zai iya zama akwati a sanarwar da ke leƙowa daga saman waya, ko in an kwafe shi zuwa tes, saboda a can zanen wayar ne ke aiki.

Imoji masu launin fata da tutoci sun fi saurin wargajewa, domin a ƙarƙashi alamomi biyu ne aka liƙa. Hannu mai duhun fata, hannu ne da alamar launi, shi ya sa a tsohuwar waya yakan fito a matsayin hannu ruwan ɗorawa da ɗan akwati a gefensa. Tutar Najeriya alamomin N da G ne, ta Nijar N da E, kuma wayar da ba ta iya haɗa su ba haruffan za ta nuna ko akwatuna biyu.

A tes ne wannan zaɓin yake da tsada, kuma gara a gani da lissafi. Ga sanarwa irin wadda ake turawa kullum:

```
Assalamu alaikum. Ɗaurin auren Baba Ƙarami ranar Asabar, ƙarfe 11 na safe, a masallacin unguwa. A zo da wuri, Allah ya ba da ikon zuwa.
```

Harafi 135 ne in an haɗa da sarari da alamomin rubutu. Uku ne kawai masu ƙugiya, amma sun isa su jefa saƙon cikin tsarin Unicode. Shafi biyu suna ɗaukar 134, ya wuce da harafi ɗaya tak, don haka shafi uku za a caje ka. A farashin naira 6 kowane shafi, wanda aka koma a Najeriya bayan ƙarin kuɗin 2025, naira 18 ke nan kan mutum ɗaya. In mutum 200 za ka tura wa, naira 3,600. Cire ƙugiyoyin uku, saƙon ya shige shafi guda, kuɗin ya dawo naira 1,200. In kuma ka cire ƙugiyoyin amma ka bar 🤲 a ƙarshe, ba ka tsira da komai ba: imojin shi kaɗai ya mayar da saƙon Unicode, kuma yana cin gurbin harafi biyu, ga sararin da ke gabansa, jimla 138, shafi uku dai. Bayan ka biya wannan kuɗin, a ƙaramar wayar Inna akwati biyu ne za su iya fitowa a wurin addu'ar taka.

Yawancin manhajojin tes suna nuna ɗan lissafi kusa da maɓallin turawa, na haruffan da suka rage da yawan shafuka. Ka sa masa ido. In ka ga ya faɗi warwas bayan ka buga harafi ɗaya, tsarin ne ya canza. A manhajar tes ta Samsung akwai saitin `Input mode` mai zaɓi uku, `GSM alphabet`, `Unicode` da `Automatic`. Wanda ya bar tasa a kan na farko sannan yana buga ƙugiya, shi ne ke jawo wa mutane alamar tambaya, ko haruffan da aka sauya ba da saninsa ba.

Zaɓi na biyu: alama a madadin ƙugiya

Wannan tsohuwar dabara ce, kuma masu rubuta labarai a waya sun daɗe da ita: d'aki ko 'daki, k'asa, b'arawo. Wasu kuma q suke sawa a wurin ƙ, lamba 6 a wurin ɓ, su rubuta qasa da 6arawo. Amfaninta a bayyane yake. Duk alamomin nan suna cikin jerin GSM, don haka kowace waya za ta nuna su, kuma sanarwar can ta sama za ta zama harafi 138, shafi ɗaya, naira 6, ga ma'ana ba ta ɓace ba.

Sai dai akwai tarko guda da ke kama mutane da yawa. Alamar tana da siffa biyu, miƙaƙƙiya `'` da lanƙwasasshiya `’`. Miƙaƙƙiyar ce kaɗai ke cikin jerin GSM. Rubutun da aka shirya a Word aka kwafo, ko wanda aka buga da kibod mai gyara alamomi da kansa, yakan zo da lanƙwasasshiyar, sai saƙon ya koma shafi uku kana zaton ka yi tsimi. Wannan ya shafi har wanda ba ya sa alama a madadin ƙugiya, tunda ba yadda za a rubuta 'yan'uwa ko Juma'a ba tare da ita ba.

Aibinta na biyu rashin tsari ɗaya. Wani gaba yake sa alamar, wani baya, kuma ta riga tana da nata aikin a Hausa, kamar a sa'a da ma'ana. Kalma irin "ɓaɓɓake" in ta zama b'ab'b'ake sai ido ya yi tuntuɓe. Neman tsohon saƙo ma yakan yi wuya, don sai ka tuna ko k'asa ka rubuta ko qasa. Ni q da 6 ba na son su a sanarwa. Matasan da suka saba za su karanta ba gargada, amma dattijon da ya koyi boko a aji zai tsaya yana tambayar me shida take yi a farkon kalma, kuma ai dominsa aka bar ƙugiyar tun farko.

Akwai masu aro haruffan wasu harsuna da suka yi kama da namu, kamar đ ko ķ, saboda su ne kibod ɗin Turanci ke bayarwa in an danne. Wannan asara biyu ce: ba Hausa ba ne, kuma su ma ba sa cikin jerin GSM, kuɗin shafi uku za ka biya.

Zaɓi na uku: haruffa zalla

Shi ne mafi arha da sauri, kuma shi yawancin mutane ke yi ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Ba saiti, ba akwati, ba ƙarin kuɗi. Bahaushe kuma yana cike gurbin da kansa, kamar yadda yake yi wa tsawon wasali da karin sauti, waɗanda dama ba ma rubuta su. Babu wanda zai ga "karfe 11" ya rasa abin da ake nufi.

Haɗarin yana cikin 'yan kalmomin da jimlar ba ta raba gardama a kansu. "A raba musu daidai" da "a raba musu ɗaiɗai" umarni biyu ne mabambanta, kuma ba tare da ƙugiya ba rubutunsu ɗaya. Wanda aka aika da buhunan abincin azumi zai iya yin wanda ba a nufa ba. "Gobe akwai fada" zai iya zama zaman fadar hakimi, zai iya zama rigima. Haka kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, wanda na ƙarshen ba kalmar da za a so a yi kuskurenta ba ce a saƙon da ya shafi mai juna biyu. Gyaran ba wuya: ka sake karanta saƙon kafin ka tura, inda ka ga irin wannan kalma ka canza ta ko ka ƙara mata bayani. Ka ce "kowa guda guda", ka ce "zama a fadar hakimi". Sunayen mutane da garuruwa ma suna shan wahala a nan, don wanda bai san mai sunan ba ba shi da abin da zai cike gurbin da shi.

Zaɓi na huɗu: hoto ko murya

In ka mayar da rubutu hoto, kamar katin gayyata ko sitika, duk wayar da ta buɗe shi abu ɗaya za ta gani, ƙugiya da imoji da komai, domin an riga an zana su. Sharaɗin shi ne ka duba katin da kyau kafin ka tura, saboda salon rubutun ado na manhajojin haɗa kati su ne kan gaba wajen rasa ɗ da ƙ, kuma akwatin da ya shiga hoto ya zauna ke nan. Hoto yana cin data fiye da rubutu nesa ba kusa ba, mai ƙaramin data yakan bar shi bai sauke ba, ba a kwafe lambar asusu ko adireshi daga cikinsa cikin sauƙi, kuma ba ya isa wayar da tes kaɗai take karɓa. Saƙon murya ya fi kowanne kai ma'ana, har da karin sauti, kuma shi ne ya dace da wanda karatun boko ke ba shi wahala, amma ba a nemansa da kalma, kuma ba a sauraronsa a cikin taro.

| Hanya | Kuɗin tes na sanarwar can | Tsohuwar waya | Ma'ana | Bugawa |
|---|---|---|---|---|
| Ƙugiya da imoji | shafi 3, naira 18 | akwati na iya fitowa | cikakkiya | sai an ƙara Hausa a kibod |
| Alama miƙaƙƙiya | shafi 1, naira 6 | tana nunawa | tana nan, karatu da ɗan nauyi | ɗan jinkiri |
| Haruffa zalla | shafi 1, naira 6 | tana nunawa | wasu kalmomi na rikicewa | mafi sauri |
| Hoto ko murya | ba sa bin tes | sai mai intanet | cikakkiya | sai an shirya |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In hirarka duk a WhatsApp take, da abokai ko zauren dangi, ka sa Hausa a kibod ɗinka ka rubuta da ƙugiya. Wanda ya yi ƙorafin akwati, ka tura masa layin gwajin nan. In haruffa ne suka ƙi fitowa ya duba salon rubutun wayarsa, in imoji ne ya sabunta manhajar. A zauren da ka san akwai tsofaffin wayoyi, ka tsaya kan imojin da suka daɗe, ka bar masu launin fata, kuma kada ka bar imoji ya ɗauki abin da ya kamata kalma ta faɗa. A saƙon ta'aziyya ka rubuta "Allah ya jiƙansa da rahama" da haruffa, don in 🤲 kaɗai ka tura, mai makoki zai iya buɗe wayarsa ya tarar da akwati babu komai.

In kai ne mai tura tes ga jama'a da yawa, sanarwar taro, ta ɗaurin aure ko ta biyan kuɗin makaranta, ka ajiye ƙugiya da imoji duka. Ka rubuta da haruffa zalla, ka sa alama miƙaƙƙiya a sunaye da kalmomin da za su iya rikicewa kaɗai, ka tabbatar lissafin yana nuna shafi ɗaya, sannan ka fara tura wa ƙaramar waya guda a gidanku ka gani da idonka kafin ka saki sauran.

Mai sana'ar da ke tura wa abokan ciniki farashi da lambar asusu, rubutu ya fi masa hoto, don a iya kwafewa. Ya sa ƙugiya a WhatsApp, amma layin lambobi ya bar shi fes, ba imoji a jikinsa. Katin biki ya tafi a hoto, a bi shi da gajeren rubutu mai ɗauke da rana da lokaci da wuri, saboda waɗanda ba za su sauke hoton ba.

Su kuwa iyaye da kakanni masu ƙaramar waya, in saƙon mai nauyi ne, rasuwa ko rashin lafiya ko canjin ranar biki, ka tura tes ɗin da haruffa zalla don rana da lokaci su zauna a wayar, wani yaro a gidan ya iya sake karanta musu, sannan ka kira su ka faɗa da bakinka.